Wankin Atamfa: Abin da Ke Sa Ta Zuba, da Abin da Ke Sa Ta Koɗe

Kukan da mata ke yi game da atamfa, idan aka saurare shi da kunnen basira, iri biyu ne, ko da yake galibi a haɗe ake yin sa. Wata za ta ce ta tsoma sabon zanenta a ruwa, ruwan ya koma ja wur, kafin ta ankara jan ya haura kan farin da ke kusa da shi ya mayar da shi ruwan hoda. Wata kuwa za ta ce nata zanen bai taɓa ɓata ruwa ba ko sau ɗaya, amma ga shi tun ƙaramar Salla ba ta kai ga babba ba ya yi fari fat a kafaɗu da mazauni, kamar ya shekara biyar a jiki. Ta farkon zuba ce ta same ta, ta biyun kuwa koɗewa, kuma waɗannan illoli biyu sababinsu daban ne, maganinsu ma daban, har ma akan sami abin da ake yi don gudun ɗaya ya zama shi ne ya jawo ɗayar. Wanda bai rarrabe su ba zai yi ta zuba gishiri a baho shekara da shekaru, yana mamakin yadda tufafinsa ba su daina lalacewa ba.

Kafin a yi maganar wanki wajibi ne a san yadda launi ya shiga zanen tun asali, domin ba hanya ɗaya aka bi ba. Atamfar da ake kira ta ainihi, irin wadda kamfanin Vlisco da aka kafa a garin Helmond na ƙasar Holan a shekarar 1846 ya shahara da ita, dabararta an ɗauko ta ne daga masu rinin tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya. Ana buga narkakken danƙo a fuskoki biyu na farin yadin auduga, a tsoma yadin cikin rini, wanda sau da yawa shuni ne, rinin ya kama duk inda danƙo bai rufe ba, sa'an nan a kakkaɓe danƙon a bar ɗan saura, a zo a ɗora sauran launuka ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne ya sa ake ganin 'yan tsage-tsage da ɗige-ɗige a jikinta, kuma shi ya sa ciki da bayanta kusan ɗaya suke. Akwai kuma wadda ba ta ga danƙo ba sam, fuska ɗaya kawai aka buga mata zanen, idan aka juya ta sai a ga bayanta ya yi fari-fari. Mafi yawan atamfa mai rahusa da ta cika rumfunan Kantin Kwari a Kano ta wannan sahu ce ko mai kwaikwayon ta farkon.

To, launukan da ke cikin waɗannan zannuwa, kowane da irin zamansa a jikin auduga. Shuni ba ya ƙulla alaƙa da zaren. Yana shiga ne a narke, iska ta buge shi ya daskare a tsakanin silin audugar da kuma samanta, don haka ruwa bai cika narkar da shi ba, amma goga tana kankare shi. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa, domin duk wanda ya taɓa naɗa rawani ɗan Kura, ko ya tsaya a marinar Ƙofar Mata ya dubi hannun marina, ya san shuni kan bar shaidarsa a fata tun ba a kai ga ruwa ba. Akwai kuma wani jinsin rini da aka fara fitarwa kasuwa a Ingila a shekarar 1956, wanda shi yana ɗaurewa da audugar ɗauri na haƙiƙa, ya zama ɓangare na zaren kansa, kuma da yawa daga cikin launukan nan masu ƙyalli da ɗaukar ido daga gare shi suke. Aibinsa guda shi ne, ba dukan abin da aka zuba ke kama zaren ba; wani kaso yakan lalace a cikin ruwan rinin ya zauna a kan yadin haka nan, ba ɗauri ba tushe, kuma haƙƙin masaƙa ne ta wanke wannan rarar da ruwa mai zafi ƙwarai kafin ta naɗe yadin ta kai kasuwa. Wankin nan yana cin ruwa da wuta da lokaci, saboda haka masaƙar da ke neman sauƙin farashi a nan take fara tsuke hannu, sai aikin da ta bari ya faɗo a kan bahon mai saye. Na uku shi ne launin da ba rini ba ne ma, garin fenti ne da aka manna a fuskar yadin da wani irin gam. Shi wannan ba kasafai yake ɓata ruwa ba, amma duk dirzar da aka yi masa tana ɗebe wani abu daga cikinsa, kuma ruwan zinariya da ƙyalƙyalin da ake yi wa wasu atamfofi ado da su duk a wannan babi suke.

Daga nan mas'alar ta fito fili. Zuba, a mafi yawan lokaci, rarar rini ce da ba ta kama ba take fita, kuma fitarta ba asara ba ce, tun da dama ba ta zanen ba ce. Haɗarinta kawai shi ne inda za ta sauka bayan ta fita. Koɗewa kuwa launin da ya riga ya kama ne ake hallakawa, ko dai rana ta ƙona shi, ko sinadari ya cinye shi, ko hannu ya kankare shi, kuma abin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa har abada.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Ga mace ta sayo turmi ɗaya, wato yadi 6, mai farar ƙasa, da manyan furanni ja, da ganyaye shuɗi mai duhu, da ɗige-ɗigen rawaya, tana nufin a fitar mata da riga da zane da ɗankwali. Irin wannan haɗi shi ne mafi haɗari, saboda ja da fari suna maƙwabtaka ba shamaki. Abu na farko, tun ba a kai wa tela ba, shi ne ta ɓamɓare takardar kamfani da ke manne a jiki ta hanyar ɗora mata dutsen guga mai ɗumi daga baya har gam ɗin ya saki, domin idan takardar ta shiga ruwa sai ta narke ta bar danƙo mai kama ƙura. Sa'an nan ta yi wa zanen jarrabawa, wadda ba za ta ci mata minti 10 ba. Ta sami farin ƙyalle na auduga, tsohuwar singileti ma ta wadatar, ta naɗa shi busasshe a yatsa ta goga a kan kowane launi sau 10 a can gefen yadin, kowane launi da nasa wurin a ƙyallen. Bayan haka ta jiƙa wani farin ƙyallen ta matse, ta shimfiɗa a kan launukan, ta danna masa dutsen guga mai ɗumi na ɗan taƙin lokaci, ta ɗaga ta duba.

A ce ta tarar shuɗin ya bar alama a busasshen ƙyalle, jan bai bar kome ba a busasshe amma ya rina jiƙaƙƙen, rawayar kuwa ba ta motsa ba ko nan ko can. Fassarar wannan ita ce, shuɗin abokin gabarsa goga ce, don haka ba za a dirje shi ba kuma ba za a cuɗa shi a kan farin ba. Jan kuwa yana ɗauke da rara mai narkewa a ruwa, wadda dole ta fita, kuma aikin mai wanki shi ne ya fitar da ita da sauri cikin ruwa mai yawa, kada ta sami zarafin zama a wani wuri. Da a ce babu launin da ya bar kome, da sai a wanke zanen cikin kwanciyar hankali, a mai da himma ga tsare shi daga koɗewa kaɗai.

A nan akwai saɓani tsakanin mata, kuma ina ganin ya dace in faɗi inda na karkata. Da yawa ba sa yarda a wanke atamfa kafin ɗinki, hujjarsu ita ce wanki yana kashe mata sabunta, ga shi kuwa fitar biki ko anko ana son a ga zane yana tsaye yana sheƙi. Hujjar tana da ƙarfi, amma ya kamata a gane cewa wannan sheƙi da taurin ba launi ba ne, sitaci ne da matsar injin guga da aka yi wa yadin a masaƙa, kuma ko an jima ko an daɗe wankin farko zai tafi da mafi yawansa; mace takan ga haka ta ce zanenta ya koɗe, alhali launinsa na nan daram, kwalliyar sama ce ta sauka. Idan jarrabawar nan ta nuna zanen ba ya zuba, babu laifi a ɗinka shi da sabuntarsa, sai dai a gaya wa tela ya bar ɗan sarari, domin auduga takan ɗan tsuke a wankin farko. Amma idan ta nuna yana zuba, musamman in za a sa masa farin shafi ko leshi ko aikin zare mai haske a wuya, to wanke shi kafin ɗinki ya fi, nesa ba kusa ba, saboda buɗaɗɗen yadi ya fi sauƙin ɗauraya, ba shi da kalmasa da ninki inda jan ruwa zai maƙale ya tsuma.

Ruwan da za a yi wankin farkon da shi sharaɗinsa biyu: ya zama mai sanyi, kuma ya zama mai yawa. Sanyin da ake nufi shi ne kada ya wuce awo 30 a ma'aunin zafi, wato hannu ya ji shi da sanyi-sanyi. Kuma a lura, ruwan da ya wuni cikin baƙin tankin roba a kan soro a watan Afrilu ruwan zafi ne ko da ba a ɗora shi a wuta ba, don haka gara na randa, ko a yi wankin da sassafe. Mai karatu zai iya tambaya, in masaƙa da ruwan zafi take fitar da rara, don me za a hana mu? Amsa ita ce masaƙa ta san irin rinin da ta zuba, kuma yadin yana gudu ne cikin ruwa mai sabuntuwa ba tsayawa. Mu kuwa ba mu san abin da ke cikin zanen ba, ruwanmu kuma a tsaye yake cikin baho, zafi zai saki launi mai yawa a lokaci guda ya kuma buɗe wa farin zaren ƙofar shan sa. Game da yawa kuwa, turmi guda yana son babban baho mai ɗaukar kamar lita 20, yadda yadin zai yi iyo a sake, domin jan da ya fita cikin ruwa kaɗan yana da kauri har ya rina, wanda ya fita cikin ruwa mai yawa kuwa ya tsinke ya rasa ƙarfi.

Sai a warware yadin gaba ɗaya, kada a tsoma shi a ninke. A fara da ruwa zalla ba sabulu, a nutsar da shi, a yi ta ɗagawa ana mayarwa ana jujjuyawa na kamar minti 2 ko 3, da zarar ruwan ya rine a ɗaga zanen a zubar a sake sabo, ba tare da an ajiye shi a dunƙule ana jiran a jawo guga daga rijiya ba. Saboda haka a tanadi ruwan duka a gefe tun kafin a fara. Bayan zubi biyu sai a kawo na sabulu, wanda aka riga aka narkar da shi sarai, misalin cokali ɗaya na sabulun ruwa marar kaifi, ko kumfar da aka tayar da sabulun sanda a hannu aka cire sandar. A matsa zanen a hankali cikin kumfar na minti 5, ba cuɗa ba dirza, sa'an nan a yi ta ɗauraya har ruwa ya fito garau ko kusa da haka. Wani zanen a ɗauraya ta 3 ya gama, wani sai ta 6. In kuwa an kai nan ruwan bai rage ja ba ko kaɗan, furannin kuma sun fara dusashewa a ido, to wannan ba rara ba ce, rinin ne tun asali bai kama ba, kuma babu wata dabara ta gida da za ta kama shi; iyakar abin yi shi ne a riƙa wanke zanen shi kaɗai, da gaggawa, muddin ransa.

Wannan ya kawo mu ga gishiri, wanda kusan kowace uwa ta yi wa 'yarta wasiyya da shi. Al'adar tana da asali, ba a kan banza aka gina ta ba: masu rinin auduga a masaƙa suna zuba gishiri mai yawa a tukunyar rini don ya kora launi daga ruwa zuwa zare. Amma korawa daban, ɗaurewa daban. Abin da gishiri ke yi a bahon wanki shi ne ya hana wani sashe na rarar fita a wannan karon, sai ruwan ya fito da haske, mai wanki ta yi murna ta ce ya kama, alhali rarar na nan kwance tana jiran wanki na gaba, ko ranar da gumi zai jiƙa rigar ta sauka a kan farar shimi. Gishirin kansa bai cika yin ɓarna ba. Ɓarnar tana cikin jiƙon da ake haɗa shi da shi, inda za a danna sabon zane a bokiti a bar shi ya kwana, ja yana kwance a kan fari sa'o'i 10, wanda ko marini ne ya so rina farin da gangan abin da zai yi ke nan. Ruwan tsami ma, ko na kanti ko na lemo, rinin ulu da siliki yake taimaka wa, ba na auduga ba. Fa'idarsa a nan ita ce cokali 2 a ɗaurayar ƙarshe yana kashe kaifin sabulun da ya rage, yana kuma wanke farar dusar da sabulun sanda ke bari idan ruwan rijiyar mai zartsi ne, irin wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa. Wannan dusa takan sa zane ya yi duhu-duhu kamar ya tsufa, sai an cire ta a ga ashe launin na nan.

Mafi yawan ɓarnar zuba, a iya abin da na lura, ba a cikin ruwa take faruwa ba, a tsakanin baho da igiya take faruwa. An gama ɗauraya, an murɗe zanen kamar igiya, an jefa shi a bokiti tare da sauran kaya, an tafi duba tukunya ko an tsaya salla, kafin a dawo awa guda ta wuce, furen ja ya buga hatiminsa a kan farin da aka matse shi da shi. Ƙa'ida ita ce a matse ruwan da tafin hannu ba tare da murɗawa ba, in da hali a naɗe zanen cikin tsohon tawul a danna, sa'an nan a shanya nan take, a buɗe, falle ɗaya, kada wani sashe ya hau kan wani. Idan an bar ruwa da yawa a jiki, zai gangaro ƙasa ɗauke da launi ya bar zirin ja a kan farin da ke ƙarƙashin kowane fure. In kuwa ƙaddara ta riga fata aka ga tabon tun zanen na da danshi, kada a bari ya bushe, kada kuma a kusantar da shi ga dutsen guga. A mayar da shi cikin sabon ruwa mai yawa da ɗan sabulu a yi ta jujjuyawa, domin launin da bai bushe a wurin ba sau da yawa yana fita, wanda ya bushe aka kuma goge shi kuwa ya zauna ke nan.

Koɗewa ita ba ta da rana ɗaya da za a nuna a ce yau ta faru, shi ya sa ba a cika tsoronta ba, alhali ita ce ke cin mafi yawan atamfa. Babban sababinta rana ce, kuma jiƙaƙƙen zane ya fi busasshe saurin ƙonewa a cikinta. A ƙasar da iska ke busar da yadin auduga cikin awa ɗaya ko biyu a inuwa, musamman da hunturu, babu wata larura da za ta sa a shanya atamfa a tsakar rana a bar ta tun hantsi har la'asar. A juya ta ciki ya koma waje, a rataye a ƙarƙashin rumfa ko baranda inda iska ke ratsawa, da ta bushe a kwashe. Alamar ɓarnar rana ba ta ɓuya: a buɗe kalmasar gindin riga a gwada launin da ke ɓoye a ciki da na waje, ko a dubi layin da igiya ta raba zanen biyu. Sababi na biyu garin sabulu ne mai kaifi, wanda aka yi shi don fararen kaya da masu maiƙo, yana ɗauke da sinadarai 'yan uwan kanwa, wani ma da abin faranta tufa a ciki; in aka barbaɗa shi kai tsaye a kan jiƙaƙƙen zane, kowace ƙwaya takan ci wurin da ta sauka ta bar ɗigo mai haske. Kanwa da ruwan toka da bilic kuwa, kada su kusanci atamfa ko da wasa, har bahon da aka jiƙa fararen kaya da bilic sai an ɗauraye shi sosai kafin a sa ta. Na uku shi ne hannu: burushi, da buga zane a kan dutse, da goga sandar sabulu a wuri ɗaya, waɗanda ke kankare shuni da fenti, su kuma tayar da gashin audugar har fuskar zanen ta yi furfura. Duk wanda zai ba mai wanki da guga atamfa mai daraja, ya kyautu ya faɗa masa waɗannan abubuwa baki da baki, domin shi ya saba a yaba masa ne a kan fitar datti.

Akwai kuma gumi, wanda shi ya sa hammata da bayan wuya ke riga ko'ina sauya launi. Gumin da ya bushe a zane aka kuma shiga rana da shi yana cin rini fiye da yadda rana kaɗai za ta yi, haka nan turaren fesawa idan ana fesa shi a kan tufa maimakon jiki. Rigar da aka wuni da ita a gidan biki, ba daidai ba ne a cusa ta a kwando ta yi mako. In ba ta yi datti ba, a ɗauraye hammatar da wuyan da ruwa zalla a daren, a shanya a inuwa, wannan ya fi mata cikakken wanki da sabulu, tun da kowane wanki, kome taushinsa, yana da ɗan abin da yake ɗauka. Zane da ɗankwali kuwa, ko da ba su yi dattin rigar ba, ya kamata a riƙa wanke su tare da ita lokaci-lokaci, in ba haka ba bayan wata shida rigar za ta yi haske ta bar 'yan uwanta, a kasa haɗa su a fita.

Guga a yi ta daga bayan zanen tun yana da sauran laima, da zafi matsakaici, in kuwa mai ruwan zinariya ne a shimfiɗa wani ƙyalle a tsakani, domin gam ɗin da ke riƙe da adon yana narkewa ya bi dutsen. Mai son taurin nan na sabunta ya dawo sai ya dama sitacin rogo tsararo, ya tace shi sarai don kada gudaji ya bar fari a kan shuɗin, ya tsoma zanen a juye bayan ɗaurayar ƙarshe. Kuma kada a ninke atamfa a sa a akwati sai ta huce daga zafin guga ta bushe ƙarau, musamman da damina, saboda laimar da aka rufe da ita tana iya sa ja ya sauka a kan fari a cikin akwatin ma, ban da fumfunar da ke biyo baya.